Yadda ake miƙa tayin kwangila ta imel: jerin takardu da bayanin cika sharuɗɗa

Ranar da aka buɗe tayin kwangila, ba farashi ake fara dubawa ba. Jami'in da ke tantancewa yana da takarda a gabansa mai jerin abubuwan da aka nema, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana sa alamar akwai ko babu. Tayin da ya faɗi a wannan matakin farko ba ya kaiwa wurin da za a ga arahar kayansa ko ingancinsu. Saboda haka aikin mai turo tayi ta imel shi ne ya tsara saƙonsa yadda wannan jami'i zai samu kowace takarda ba tare da lalube ba, ya kuma ga amsar kowane sharaɗi a rubuce, da lambar shafin da hujjarta take.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ce wata ma'aikata ta nemi a kawo mata kwamfutocin tafi-da-gidanka guda 120. Lambar sanarwar `ITB-014`, ana rufe karɓar tayi ranar 14 ga Maris da ƙarfe 12:00 na rana agogon duniya na `UTC`, kowane imel kada ya wuce `10 MB`, a turo ɓangaren fasaha da ɓangaren kuɗi daban-daban, kuma tayin ya ci gaba da aiki har kwana 90.

Mataki na farko: fitar da sharuɗɗa daga takardun gayyata

Sharuɗɗan kwangila ba sa zama a wuri ɗaya. Wasu suna cikin umarni ga masu tayi, wasu a takardar bayanan wannan kwangila ta musamman, wasu a bayanin kayan da ake so, wasu kuma a ƙasan fom ɗin da za a cike, da ƙananan haruffa. Ka karanta takardun duka da alƙalami a hannu, kana fitar da duk jimlar da ta ce "dole", "wajibi" ko "za a yi watsi da tayin da". Kowace ka rubuta ta a layinta, da lambar sakin da ta fito. Idan umarnin gama-gari ya ce abu ɗaya, takardar bayanai ta musamman ta ce wani, yawanci ta musamman ce ke rinjaye, kuma takardun kan faɗi hakan da kansu.

A raba abin da aka fitar gida uku: takardun da za a maƙala, siffofin kaya da sharuɗɗan ciniki da za a amsa, sai ƙa'idojin turawa, wato adireshin imel, kan saƙo, nau'in fayil, girma da lokaci. Gida na ukun ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ne mafi sauƙin kayar da mutum. Adireshin da ake aika tambayoyi sau da yawa daban yake da adireshin da ake miƙa tayi. Na biyun akwati ne da ba a buɗewa sai bayan wa'adi, kuma wasu ma'aikatu suna soke tayin da aka tura wa jami'in saye kai tsaye ko aka sa shi a `Cc`, domin ya ga abin da bai kamata ya gani ba kafin lokaci.

Duk abin da bai fito fili ba, a yi tambaya a rubuce kafin ranar rufe tambayoyi, wadda kan riga ranar rufe tayi da kwanaki. Sannan a riƙa duba ko an fitar da gyara ga sanarwar. Gyara kan canza adadin kaya, ya sauya fom, ko ya ɗaga wa'adi, kuma wanda ya cike tsohon fom ana iya ɗaukarsa bai amsa abin da aka tambaya ba.

Mataki na biyu: haɗa takardu da duba kwanakinsu

A misalinmu an nemi takardu tara: fom ɗin miƙa tayi mai sa hannu, takardar izinin mai sa hannu, shaidar rajistar kamfani, shaidar biyan haraji, rahoton kuɗi da aka bincika na shekara uku, shaidar ayyuka biyu makamantan wannan, izinin kamfanin da ya ƙera kayan, takardar lamuni daga banki, wato alkawarin banki na biyan ma'aikata kuɗi idan ka janye tayinka bayan rufewa, da jadawalin farashi. Samun takarda a hannu bai wadatar ba. Abu uku ake dubawa a jikin kowace: suna, kwanan wata da sa hannu.

Sunan kamfani ya zama iri ɗaya a ko'ina, harafi da harafi, kamar yadda yake a takardar rajista. Idan kamfani ya taɓa canza suna, a haɗa da shaidar canjin, in ba haka ba shaidar ayyukan baya za ta zama kamar ta wani ce. Wanda ya sa hannu a fom ya zama shi ne mai sunan da ke takardar izini. Fom ɗin miƙa tayi kuwa ba a taɓa kalmominsa. Ana cike guraben da aka bari ne kawai, domin sauya jimla ɗaya a cikinsa kan zama kamar ƙin amincewa da sharaɗi.

Lissafin kwanaki ya cancanci a zauna a yi shi da kalanda. Kwana 90 daga 14 ga Maris ya kai 12 ga Yuni. A takardun gayyata da yawa, ciki har da na ayyukan da Bankin Duniya ke ɗaukar nauyi, ana so takardar lamunin banki ta zarce wa'adin tayi da kwana 28, wato a nan har 10 ga Yuli. To idan aka fitar da gyara aka ɗaga rufewa zuwa 21 ga Maris, lissafin yakan motsa gaba ɗaya: tayi har 19 ga Yuni, lamuni har 17 ga Yuli. Wanda ya karɓo takardar banki tun kafin gyaran bai koma an sabunta masa ba, takardarsa ta gaza da mako guda, kuma wannan gazawa ce da kwamitin tantancewa ba ya yafewa. A kuma duba ko hoton takardar lamunin ya isa ta imel, ko ana so a kai ta asali hannu da hannu kafin wani lokaci.

Mataki na uku: jadawalin cika sharuɗɗa

Nan ne zuciyar tayin. Jimla ɗaya mai cewa "mun amince da dukkan sharuɗɗa" ba ta yi wa mai tantancewa amfanin komai, domin shi sai ya ba kowane layi hukuncinsa. Abin da ake yi shi ne jadawali mai ginshiƙi biyar: lambar saki, abin da aka nema kamar yadda aka rubuta shi, abin da ka kawo, matsayi, da inda hujja take. Idan takardun gayyata sun zo da nasu jadawalin, shi za a cike, ba a ƙirƙiro wani ba.

Ga yadda layuka huɗu za su kasance a misalin kwamfutocin. Saki na 3.1 ya nemi ƙwaƙwalwar aiki aƙalla `16 GB`. Ka rubuta cewa samfurin da ka kawo yana da `16 GB`, matsayi "an cika", hujja a fayil na 11, shafi na 4. Saki na 3.2 ya nemi ma'ajiya aƙalla `512 GB`. Naka `1 TB` ne, matsayi "an cika, har da ƙari", shafi na 4. Saki na 5.2 ya nemi a kawo kaya cikin kwana 45 daga sa hannu a yarjejeniya; ka rubuta kwana 40, ka nuna shafin tsarin kawo kaya. Saki na 3.6 ya nemi garanti na shekara uku, alhali kamfanin da ya ƙera yana bayar da shekara ɗaya ne, ana sayen ƙarin biyu daban.

Wannan layi na ƙarshe shi ne ke nuna ko mai tayi ya san aikinsa. Idan ka rubuta "an cika" kawai, jami'in zai buɗe takardar bayanin kaya ya ga shekara ɗaya, ya sa alamar saɓani, kuma daga nan zai fara shakkar sauran layukanka. Abin da ya dace shi ne a sayi ƙarin garantin a cikin farashi, a rubuta a fili: shekara ɗaya ta asali da ƙarin shekara biyu daga kamfanin da ya ƙera, jimla uku, wasiƙar tabbaci a fayil na 10, shafi na 2. Yanzu lambar da ke takardar kaya da lambar da ke jadawali sun daina karo da juna.

A ginshiƙin abin da ka kawo, ka rubuta ainihin adadi da sunan samfuri, kada ka kwafo kalmomin ma'aikata ka mayar musu. Wanda aka ce masa "aƙalla 16" ya amsa da "aƙalla 16" bai faɗi abin da zai kawo ba. A guji kalmomi masu santsi irin su "za a duba", "gwargwadon samuwa" ko "ko makamancinsa". Kwamiti na karanta su a matsayin sharaɗi da ka gindaya, kuma tayi mai sharaɗi ba cikakken tayi ba ne.

Idan akwai abin da ba ka iya cikawa fa? A faɗe shi, a layinsa, a kuma maimaita shi a takardar saɓani idan an tanadi irinta. Masu tantancewa suna bambanta ƙaramin saɓani da babba. Babba shi ne wanda ya taɓa inganci ko aikin kayan, ko ya rage haƙƙin mai saye, ko kuma gyara shi zai ba ka fifiko a kan sauran masu tayi. Irin wannan yana kayar da tayi kuma ba a bari a gyara shi bayan rufewa. Ƙarami, kamar launin jakar kwamfuta, ana iya kau da kai. Ɓoye saɓani ba ya mayar da babba ƙarami. Ko an ci kwangilar da shi, zai fito ranar karɓar kaya, a lokacin da akwai tara da ƙwace lamunin da ka bayar na cika aikin. Idan tun farko ka ga ba za ka iya cika babban sharaɗi ba, lokacin tambayoyi ne damarka ta neman a sassauta shi ga kowa.

Akwai wani tarko da ke zuwa ba da niyya ba. Kamfanoni da yawa suna da sharuɗɗan ciniki da aka buga a ƙasan takardar farashinsu: farashi na aiki kwana 30, a biya rabi kafin kawo kaya, da sauransu. Idan wannan rubutu ya biyo jadawalin farashinka, ya ci karo da kwana 90 da ka amince da su a fom. A goge shi. Haka ma sharaɗin isar da kaya: idan an nemi `DDP` na ƙa'idojin `Incoterms 2020`, wanda ke ɗora wa mai sayarwa kuɗin fito da harajin shigo da kaya, kai kuma ka rubuta `DAP`, ka mayar wa mai saye wannan nauyin ke nan, kuma saɓani ne a farashi.

Mataki na huɗu: shirya fayiloli

Kowace takarda ta zama `PDF`, sai dai in an ce a haɗa da jadawalin farashi a `Excel`. A sa wa shafuka lamba kafin a cike ginshiƙin hujja, domin ƙara shafi ɗaya daga baya yana gusar da duk lambobin. Sunayen fayiloli su bi tsarin jerin da ma'aikata ta bayar, takardun da ba sa cikin jerin su biyo baya, gajeru, ba alamomi na musamman:

```
ITB-014_01_Fom.pdf
ITB-014_02_Izini.pdf
ITB-014_10_Garanti.pdf
ITB-014_11_Kaya.pdf
```

Batun girma yana da sirrin da ba kowa ya sani ba. Idan aka maƙala fayil a imel, ana sauya shi zuwa rubutu ta hanyar `Base64`, wanda ke ƙara masa kusan kashi ɗaya cikin uku. Fayilolin da suka nuna `9 MB` a kwamfutarka za su haura `12 MB` a hanya, akwatin da iyakarsa `10 MB` kuma zai mayar da su. Ƙa'ida mai sauƙi: kada abin da ka maƙala ya wuce kashi 70 cikin ɗari na iyakar, wato `7 MB` a nan. Idan ɓangaren fasaha ya kai `16 MB`, imel uku ke nan.

Sikanin takardu ne ke cinye wuri. Takardar rubutu da aka ɗauka a `150` zuwa `200 dpi` cikin launin toka tana karantuwa sarai, ba ta da nauyi. A bar launi ga shafukan da ke da hatimi idan ana buƙata. Bayan an matse fayil, a buɗe shi a duba kwanan wata da lambobin rajista, domin matsewa mai tsanani ƙananan lambobi take fara cinyewa.

Kada a tura mahaɗin ma'ajiyar intanet a madadin fayil sai an yarda da hakan a rubuce. Ma'aikatu da yawa ba sa karɓa, domin ana iya sauya abin da ke bayan mahaɗi bayan an rufe. A lura cewa `Gmail` da kansa yana mayar da abin da ya wuce `25 MB` mahaɗin `Google Drive`, mai turawa yana zaton ya maƙala fayil. Fayilolin `zip`, musamman masu kalmar sirri, su ma matatun tsaro kan tsare su.

Tunda an ce a raba fasaha da kuɗi, kada farashi ya ɓulla ko'ina a ɓangaren fasaha: ba a jikin saƙo ba, ba a wasiƙar rakiya ba, ba a takardar da dila ya aiko maka ba. Idan an ce a kulle fayil ɗin kuɗi da kalmar sirri, a kulle, a ajiye kalmar wuri amintacce, kada a tura ta sai an nema. A jadawalin farashi a sake ninka kowane layi. A yawancin ƙa'idoji, idan farashin guda da jimlar layi suka saɓa, farashin guda ake bi, idan kuma lamba da rubutun kalmomi suka saɓa, kalmomi ake bi, kuma wanda ya ƙi amincewa da gyaran yana iya rasa tayinsa da lamuninsa.

Mataki na biyar: rubuta saƙon

A gurbin `Subject` a kwafi abin da aka umarta daidai, domin wasu akwatuna suna rarraba saƙo ne da wannan lamba. Idan ba a ba da tsari ba, wannan ya isa:

```
ITB-014 - Fasaha - Sunan Kamfani - 1/3
```

Jikin saƙon gajere ne, kuma da harshen da takardun gayyata suka ce a yi tayi da shi. Abin da zai ƙunsa ke nan:

"Muna miƙa tayinmu a kan sanarwa mai lamba `ITB-014`, ta kawo kwamfutoci 120. Ɓangaren fasaha yana cikin imel uku, wannan ne na farko. Ɓangaren kuɗi yana zuwa a imel na huɗu. A wannan saƙo akwai: 01, fom ɗin miƙa tayi, shafi 3, 02, izinin mai sa hannu, shafi 1, 03, rajistar kamfani, shafi 2, 04, shaidar haraji, shafi 1. Mun karɓi gyara na 1 kuma mun yi aiki da shi. Tayinmu ya cika dukkan sharuɗɗa ba tare da saɓani ba, kamar yadda jadawalin da ke fayil na 12 ya nuna. Tayin yana aiki har kwana 90 daga ranar rufewa. Muna roƙon a tabbatar mana da isowar saƙon."

Idan akwai saɓani, jimlar ta canza: "ya cika dukkan sharuɗɗa ban da saki kaza, wanda aka yi bayaninsa a shafi kaza." Ambaton yawan shafuka yana da amfani, domin idan fayil ya lalace a hanya ko aka ce wani shafi babu, akwai abin da za a koma a gwada da shi. Amma a sani cewa jikin imel ba ya maye gurbin takarda mai sa hannu. Sau da yawa fayilolin kawai ake miƙa wa kwamiti, saboda haka duk wata magana mai nauyi, da cikakken jerin takardun, su kasance a cikin wasiƙar rakiya da aka sa wa hannu.

Mataki na shida: turawa da tabbatarwa

Lokacin da ake lissafi da shi shi ne lokacin da saƙo ya shiga akwatin ma'aikata, ba lokacin da ka danna `Send` ba. Saƙo mai nauyi kan tsaya a `Outbox`, ko matatar tsaro ta riƙe shi na wasu mintuna. Idan imel uku sun shiga kafin 12:00, na huɗu ya shiga 12:03, ana iya ɗaukar tayin duka a makare. A kuma juya lokacin zuwa agogon inda kake: 12:00 `UTC` ƙarfe 3:00 na yamma ne ga mai `UTC+3`, amma 7:00 na safe ne ga mai `UTC-5`. Mafi aminci a tura kwana guda kafin rufewa, yadda in wani abu ya dawo akwai sararin gyarawa.

Kafin turawa ta gaske, ka aika wa wani akwatinka na daban saƙonnin, ka sauke fayilolin a wata na'ura ka buɗe kowanne. Wani mutum da bai shirya tayin ba ya ɗauki jerin ma'aikata ya bi shi kamar shi ne mai tantancewa. Adireshin kuwa a kwafo shi daga takardar gayyata, kada a bar manhajar imel ta cike shi da kanta, domin takan kawo adireshin tambayoyi da ka taɓa rubuta wa.

Bayan turawa, a duba `Sent`, a duba `Inbox` da `Spam` ko wani saƙo ya dawo. Lambar da ke jikinsa tana faɗin matsalar: `552` ko `5.3.4` yawanci girma ne ya yi yawa, `550 5.1.1` adireshin ne babu shi, lambar da ta fara da 4 kuma jinkiri ne na ɗan lokaci, ana ci gaba da gwadawa, sai dai gwajin na iya wuce wa'adi. Rashin dawowar saƙo ba tabbacin isa ba ne. Idan akwatin yana ba da amsa ta kai tsaye, a ƙirga: imel huɗu, amsa huɗu. In ba a samu ba, a rubuta wa adireshin tambayoyi ana neman tabbaci, ba tare da maƙala komai na tayin ba. A adana saƙonnin da aka tura da amsoshinsu yadda suke, da kwanan wata da lokaci.

Idan ka gano kuskure kafin rufewa, yawancin ƙa'idoji sun yarda a janye tayi ko a musanya shi. A turo cikakken saiti sabo, a rubuta a kan saƙon cewa musanya ne, da wasiƙa mai sa hannu da ke cewa ya soke na farko, domin kada kwamiti ya tarar da tayi biyu daga kamfani ɗaya ya rasa wanda zai ɗauka. Bayan rufewa kuwa, kada ka tura komai sai an tambaye ka. Idan kwamiti ya nemi ƙarin bayani, ka amsa abin da aka tambaya kaɗai, a rubuce, cikin wa'adin da aka ba ka, kana nuna fayil da shafin da amsar take, ba tare da taɓa farashi ko sauya samfurin da ka miƙa ba.